Yadda Ake Sanin Lokacin Buɗe Sabon Imel, Canza Take, ko Taƙaita Doguwar Magana

Imel ɗin da aka fara da tambayar wace rana za a yi taro, kafin sati biyu sai ka tarar ya kai saƙo talatin, ana maganar kuɗin mota, da abinci, da wanda bai biya bashi ba, alhali take yana nan yadda yake tun ranar farko. Idan amsa ta zo kanka a irin wannan jeri, hanya huɗu ce a gabanka: ka ci gaba a cikinsa, ka canza take, ka buɗe sabon imel, ko ka tsaya ka taƙaita abin da aka yi. Na daɗe ina aikin sakatare, kuma abin da ke raba mini gardama kullum shi ne in tuna da mutumin da zai zo neman wannan maganar bayan wata uku, ba tare da ya san yadda aka faro ba.

Abin da za ka tanada

Ka buɗe akwatin imel ɗinka a kwamfuta idan da hali, domin a can ne za ka ga sunayen duk waɗanda ke layin `To` da `Cc` ba tare da wahala ba. Ka samu takarda da biro. Ka sauke duk takardun da aka maƙala a cikin jerin, ka ajiye su wuri ɗaya, ka gane wacce ce ta ƙarshe. Sannan ka tabbata ka san wanda ke da ikon yanke hukunci a maganar, domin ba duk wanda ya rubuta "shi ke nan, mu tafi a haka" ne maganarsa ta zama hukunci ba.

Ɗan bayani kan yadda saƙonni ke haɗuwa

Kowane imel yana da lambar shaida da ba a gani a sarari, sunanta `Message-ID`. Da ka danna `Reply`, amsarka za ta ɗauki lambar saƙon da ka amsa ta ajiye a layukan `In-Reply-To` da `References`. Manhajoji irin su Thunderbird da waɗannan layukan suke jera saƙonni, don haka ko ka goge take ka rubuta wani, amsarka za ta iya zama a ƙarƙashin tsohuwar magana. Gmail kuwa yana duba take ma: idan take ya canza sai ya raba jerin gida biyu, haka nan idan saƙonni suka wuce 100. Abin da za ka riƙe daga nan shi ne yadda jerin yake a allonka ba lallai haka yake a allon wanda ka aika wa ba. Saboda haka canza take da buɗe sabon imel abubuwa biyu ne daban, ko da a wurinka sun yi kama.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar malamai na shirya taron bita na kwana biyu. Mutum bakwai ne a cikin imel ɗin, take kuma "Taron bita" kawai. Saƙonni tara na farko a kan rana ne. Daga nan aka koma kan ɗakin taro da farashinsa. A saƙo na ashirin da wani abu ma'aji ya tayar da maganar kuɗin motar taron bara da ba a biya wasu ba. Wani ya amsa da cewa mai ɗakin taron ma ya cika tsada, a matsa masa. Sai shugaba ya ƙara sunan sabuwar mataimakiyarsa a `Cc` ya rubuta, "Hajiya, ki duba ki ba mu shawara." Kai ne sakatare, kuma an ce ka nemo takardar farashi daga mai ɗakin taro.

1. Karanta jerin daga sama har ƙasa kafin ka taɓa komai

Kada ka tsaya ga saƙon ƙarshe. Ka fara daga na farko, kana rubuta abu uku a takardarka: abin da aka yanke, abin da aka tambaya ba a amsa ba, da wurin da magana ta sauya hanya. Ka kuma lura da lokacin da aka ƙara wani ko aka cire wani. Sau da yawa mutum ɗaya zai danna `Reply` maimakon `Reply all`, ya amsa wa shugaba kaɗai, sai jerin ya yi reshe ba wanda ya lura, rabin mutane suna ganin an canza rana, rabi ba su sani ba. Alamar hakan ita ce ka ga wani yana amsa maganar da babu ita a jerinka.

A misalinmu takardarka za ta nuna an yanke rana, an amince da ɗaki amma ba a amince da farashi ba, maganar kuɗin mota ba ta da alaƙa da wannan taron, kuma an shigo da mutum ɗaya da ba ta san komai ba.

2. Yi wa kanka tambaya uku

Ta farko, abin da zan rubuta yana amsa tambayar da aka buɗe jerin dominta? Ta biyu, mutanen da ke ciki su ne daidai waɗanda ya kamata su karanta, ba ƙari ba ragi? Ta uku, wanda bai karanta saƙonnin baya ba zai gane inda aka tsaya?

Idan duka ukun amsarsu "i" ce, ka amsa a cikin jerin, ka bar take yadda yake. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma masu sabon hannu sukan wuce gona da iri su riƙa buɗe sabon imel a kan kowace ƴar magana, har abu ɗaya ya warwatsu wuri biyar. Idan ta farko ce ta faɗi kaɗan, wato maganar ta girma ko ta matsa gaba amma asalinta ɗaya ne, ka canza take. Idan ta faɗi gaba ɗaya, ko kuma ta biyu ta faɗi, ka buɗe sabo. Idan ta uku ce kaɗai ta faɗi, taƙaitawa ake buƙata. Ta biyun ta fi sauran nauyi. Ko magana ɗaya ce, muddin za a shigo da wani daga wajen gida, sabon imel ake yi.

3. Canza take idan magana ta matsa gaba amma mutanen ba su canza ba

Maganar ɗakin taro ɗiyar maganar taron ce, kuma mutum bakwai ɗin nan duk tana shafarsu. Tarihin da ke ƙasa yana da amfani, domin a ciki aka faɗi adadin mahalarta da ranakun. Abin da ya tsufa shi ne take. A nan sai ka canza shi.

A Gmail na kwamfuta, ka danna `Reply all`, ka danna ƴar kibiyar da ke gefen hagu na sama kusa da sunayen waɗanda za a aika wa, ka zaɓi `Edit subject`. A Outlook da Thunderbird, idan amsar ta buɗe a tagarta, layin take yana nan a fili, sai ka gyara. Akwai tsohuwar al'ada ta barin tsohon take a ƙarshen sabo don mutane su gane daga ina aka fito. Masu rubutu da Turanci suna sa `was:`, mu kuma muna iya cewa:

```
Taron bita: kuɗin ɗakin taro (a da: Taron bita)
```

Sau ɗaya ake sa wannan jelar. Wanda ya amsa daga baya yana iya cire ta. Ka sa muhimmiyar kalma a gaba, domin a waya kalmomin farko kaɗan ne ke fitowa, sauran a yanke. "Dangane da batun da muka tattauna a kan kuɗin ɗaki" take ne da mai waya ba zai ga kuɗi ko ɗaki a cikinsa ba. Ka guji take irin "Gaggawa", "Salam" ko "Tunatarwa" shi kaɗai. Sallama a jikin saƙo take, kuma ranar da ka je nema za ka tarar da "Tunatarwa" arba'in.

A layin farko bayan gaisuwa ka faɗi abin da ka yi: "Na canza take tunda yanzu maganar kuɗin ɗaki muke yi. Rana tana nan yadda aka yanke." Idan ba ka faɗa ba, masu Gmail za su ga sabon jeri ya ɓullo su ɗauka wata magana ce, wasu kuma su ci gaba da amsawa a tsohon.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne canza take don saka labari, kamar mutum ya mayar da shi "An fasa Laraba, Alhamis ce" ya bar jikin saƙon da "na gode" kawai. Da yawa ba sa sake duba take idan suna tsakiyar magana, don haka duk abin da ka sa a take ka maimaita shi a jiki. Haka nan kada ka riƙa gyara take a kowace amsa. Kowane gyara yana iya tsinka jerin a akwatin wani.

4. Buɗe sabon imel idan magana ta zama wata, ko masu karatu sun canza

A misalinmu akwai abu biyu da dole su fita daga jerin. Na farko kuɗin motar bara. Wannan tsakanin ma'aji ne da shugaba da waɗanda ke bin bashin, yana da nasa lissafin, kuma zai iya ɗaukar wata biyu bayan an gama taron. Ka ɗauki jerin imel kamar fayil a ofis: ba a cusa takardar bashin bara a fayil ɗin taron bana don kawai shi ne a buɗe a kan tebur. Ka danna `Compose` ko `New Email`, ka rubuta sunayen da hannunka, ka sa take "Kuɗin motar taron bara: waɗanda ba a biya ba", ka kwafo jimla biyu ko uku na ma'aji da suka tayar da maganar, ka faɗi ranar da ya rubuta su.

Na biyu shi ne saƙon mai ɗakin taro, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna `Forward` ko ka ƙara adireshinsa a `Cc`, ka rubuta "Alhaji, a taimaka mana da takardar farashi." Amma duk saƙonnin baya suna biye da naka a ƙasa. A Gmail an naɗe su a bayan ɗigo uku, ba ka ganinsu sai ka danna, shi kuma yana dannawa zai karanta cewa ya cika tsada, ya ga iyakar kuɗin da kuka ware, ya ga rigimarku ta bashi. Ka shiga ciniki ke nan bayan ka nuna masa aljihunka. `Forward` kuma yana tafiya da takardun da aka maƙala a saƙon da ka tura, wanda `Reply` ba ya yi, don haka kasafin kuɗinku ma zai iya bin sa. Ga wanda ke wajen ƙungiya, ka buɗe sabon saƙo fari fat, ka rubuta abin da yake buƙata kawai: ranakun, adadin mutane, abin da kuke so a haɗa, da ranar da kuke son amsa.

Wani kuskuren kuma na lalaci ne. Kana son rubuta wa mutum sabuwar magana, ba ka son neman adireshinsa, sai ka nemo tsohon saƙonsa ka danna `Reply`, ka goge take. Lambobin da muka ambata a sama suna nan maƙale, don haka a manhajarsa saƙonka zai iya shigewa ƙarƙashin maganar bara, wadda ya daɗe da ɗauka an gama. Idan kuma ya taɓa danna `Mute` a kan jerin, amsar da ta faɗa ciki za ta iya wuce akwatinsa ba tare da ya gani ba. Ka kwafi adireshin ka buɗe sabo, aikin daƙiƙa goma ne.

Ka'idar da nake bi a sabon imel ita ce buƙata ɗaya, saƙo ɗaya, idan buƙatun ba mutum ɗaya zai biya su ba ko ba rana ɗaya ake jiransu ba. Ka tambayi mutum abu uku marasa alaƙa a saƙo guda, zai amsa mai sauƙin ya manta da sauran.

5. Taƙaita idan jerin ya fi ƙarfin mai karatu

Ba adadin saƙonni ne ma'auni ba, ko da yake idan sun haura goma sha biyar ina fara shiri. Alamomin sun fi bayyana a bakin mutane: wani ya sake tambayar abin da aka amsa, mutum biyu suna aiki da rana daban-daban, an shigo da sabon mutum, ko ana jiran babba ya yanke hukunci. Akwai ma alamar na'ura. Idan saƙo ya yi nauyi ya wuce kimanin kilobait 102, Gmail yana yanke ƙasansa ya rubuta `[Message clipped]`, wanda tarin tsofaffin amsoshi kan jawo.

Hajiyar da aka shigo da ita bai kamata a bar ta da saƙo talatin da "ki duba" ba. Ga yadda zan rubuta, a cikin jerin da aka canza wa take:

```
Take: Taron bita: kuɗin ɗakin taro

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Hajiya, da sauran ƴan kwamiti,

Ana buƙatar amincewar shugaba kan kuɗin ɗaki kafin Alhamis.

An yanke:
- Taron kwana biyu ne, 12 da 13 ga wata, mutum 40.
- Ɗakin da ma'aji ya duba shi za a ɗauka.

Ba a yanke ba:
- An nemi naira 150,000 a rana. Ma'aji na ganin kada a wuce
  120,000, mutum biyu sun ce a biya saboda akwai janareto.

Wa zai yi me:
- Sakatare: takardar farashi, zuwa Talata.
- Ma'aji: kuɗin ajiya, bayan amincewar shugaba.

Kuɗin motar bara ya koma wani imel daban.
Idan na yi kuskure a gyara mini kafin Alhamis.
```

Ka lura da tsarin. Buƙata ce a sama, domin shugaba a waya zai karanta, wataƙila a mota, kuma layi uku na farko ne rabonka. Ba a bi tarihi daki-daki ba, wato wane ya ce, wane ya mayar. Taƙaitawar da ta bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ba ta rage wa kowa aiki ba. Kowane aiki yana da suna da lokaci, saboda "za a nemo takarda" ba ta da mai ita. An rubuta ranakun taron da lamba, sauran kuma da sunan rana, ba "jibi" ko "sati mai zuwa" ba, tunda ba ka san ranar da za a buɗe saƙon ba.

Wurin da ya fi buƙatar tsoron Allah shi ne sashen "ba a yanke ba". Mai taƙaitawa yana da iko fiye da yadda ake zato, domin daga ranar mutane taƙaitawarsa za su riƙa komawa, ba asalin saƙonnin ba. Idan kana goyon bayan a biya 150,000, abu ne mai sauƙi ka rubuta "an amince" don mutum biyu sun ce to, sauran sun yi shiru. Shirun mutum a imel ba amincewa ba ne, mai yiwuwa bai buɗe ba. Ka faɗi ra'ayin kowane ɓangare da kalmomin da mai shi zai yarda nasa ne, idan kana da naka ra'ayin ka ware shi ka ce naka ne. Layin ƙarshe na neman gyara ba ado ba ne. Shi ke ba ka damar cewa daga baya an ba kowa lokaci.

Ka sake maƙala takardar ƙarshe a saƙon taƙaitawa, ko da tana can sama, domin Hajiya ba ta samu takardun da aka aika kafin a shigo da ita ba. Idan takardun sun yi nauyi, ka tuna iyakar Gmail megabait 25 ce, abin da ya wuce haka mahaɗi ake aikawa.

6. Rufe tsohuwar ƙofa, ka duba kafin ka aika

Duk lokacin da ka fitar da magana zuwa sabon imel, ka koma tsohon jerin ka bar layi ɗaya: "Maganar kuɗin mota na mayar da ita sabon imel mai take kaza, a ci gaba a can." In ba haka ba za a riƙa amsawa a wuri biyu. Idan akwai wanda aikinsa ya ƙare a maganar, ka mayar da sunansa `Bcc` ka faɗa a fili, "Na mayar da Malam `Bcc` don kada mu cika masa akwati." Zai ga wannan saƙon, amma amsoshin da za su biyo baya ba za su same shi ba. Cire mutum a ɓoye, musamman babba, yana jawo zargin da ya fi cika akwati muni.

Kafin ka danna `Send`, ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe ɗigo ukun nan ka ga abin da ke biye da saƙonka. A saitin Gmail akwai `Undo Send`, ka mayar da shi daƙiƙa 30, shi ne mafi tsawo da ake bayarwa.

Idan wani abu ya gagara

Idan waya kaɗai gare ka kuma ba ka ga wurin gyara take ba, kada ka ɓata lokaci. Ka buɗe sabon saƙo, ka kwafo sunayen, ka fara da ƴar taƙaitawa mai layi uku. Idan shugaba ne da kansa ya karkatar da maganar, ba a ce masa ya yi kuskure. Ka buɗe sabon imel ɗin ka rubuta, "Ranka ya daɗe, na ware maganar da ka tayar a nan don kada ta ɓace a cikin ta taro." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba.

Idan kuma an gaji da rubutu an kira waya, ko an ƙarasa maganar a WhatsApp ko a bakin masallaci bayan la'asar, ka dawo cikin jerin a ranar ka rubuta abin da aka yanke, da waɗanda aka yi da su, da wanda zai aiwatar. Wannan ba ya buƙatar sabon take ko sabon imel. A ƙarƙashin saƙon taƙaitawa za ka sa shi, ka kwashe maganar kuɗin ɗaki daga "ba a yanke ba" zuwa "an yanke", tare da adadin da shugaba ya amince da shi.